Kafin a sayi manhaja, a fara zana hanyar da takarda ke bi

Duk wanda ya taɓa kai wa kamfani kaya, ya koma yana sintirin karɓar kuɗinsa, ya san amsar nan: "Fayil ɗinka yana sama." In ya matsa da tambayar wurin wa, kuma tun yaushe, sai a shiga kallon-kallo. Ba lallai ne ƙeta ake yi masa ba. Sau da yawa babu mutum ɗaya a gidan da ya san hanyar tun daga farkonta har ƙarshenta. Mai sito ya san abin da ya shigo ta ƙofarsa, akanta ya san abin da ya sauka kan teburinsa, amma abin da ke faruwa tsakanin teburan biyu ba shi da mai shi.

Idan irin wannan ya ishi masu kamfani, shawarar da aka fi ba su ita ce su sayi ERP. Wannan babbar manhaja ce da ke haɗa sayayya, sito, sarrafa kaya, sayarwa, albashi da lissafin kuɗi a rumbun bayanai guda, yadda abin da mai sito ya shigar da safe akanta zai gan shi nan take. Kamfanin SAP na Jamus, wanda aka kafa a 1972, shi ne ya fi suna a wannan kasuwa, akwai kuma Oracle da Microsoft Dynamics, da Odoo ta ƙasar Beljiyam wadda ƙanana da matsakaitan kamfanoni ke yawan ɗauka. Shawarar ba ta da laifi. Sai dai manhajar tana zuwa da nata tsarin na abin da ke gaba da abin da ke biye, kuma ba ta san alfarma ba. A yadda aka saba saita ta, ba za ta bari a biya kuɗin kayan da ba a rubuta shigowarsu ba, ba kuma za ta karɓi kayan da ba su da oda ba. Kamfanin da ya kunna ta bai san yadda shi kansa yake sayayya ba, ranar farko zai tarar da motoci jere a bakin ƙofa, ma'aikata kuma sun koma takarda da biro.

Ba ƙananan kamfanoni kaɗai wannan ke kayarwa ba. Lidl, rukunin manyan kantunan nan na Jamus, ya shafe kimanin shekara bakwai yana gina sabon tsarin kula da kaya a kan SAP, sannan ya yi watsi da aikin a 2018, bayan kashe abin da jaridun ƙasar suka ƙiyasta ya kai Yuro miliyan 500. Cikin dalilan da aka ruwaito akwai wani da ake iya gani tun ranar farko: Lidl yana ƙimanta kayansa da farashin da ya sayo su, manhajar kuwa an gina ta ne kan farashin sayarwa. Aka ƙi sauya al'adar gida, aka yi ta lanƙwasa manhaja har kuɗi ya wuce misali.

Saboda haka masu wannan sana'a suke fara zana yadda ake aiki yanzu, kafin a taɓa maganar yadda za a koma yi. Sashen da aka fi farawa da shi kuwa shi ne daga buƙatar kaya zuwa biyan kuɗinsu, domin ta nan dukiyar kamfani ke fita.

Alamomi kaɗan, doka mai tsauri

Zanen da aka fi amfani da shi ana kiransa BPMN, wato Business Process Model and Notation. Fitowarsa ta farko a 2004 ce, daga wata ƙungiya mai suna BPMI, Stephen White na kamfanin IBM na cikin jagororin aikin. A 2005 ƙungiyar ta haɗe da OMG, wadda ke riƙe da shi har yau. Siga ta 2.0 ta fito a 2011, a 2013 kuma ta zama ma'aunin duniya mai lamba ISO/IEC 19510. Amfanin wannan tarihi ga ɗan kasuwa shi ne zanen da aka yi a Kano, mai saita manhaja a Legas ko Bangalor zai karanta shi ya fahimci abu guda, ba tare da an tsaya masa tafinta ba.

Littafin ƙa'idar yana da ɗaruruwan shafuka da alamomi birjik, amma abin da ake bukata don zanen sayayya bai taka kara ya karya ba. Da'ira tana nufin wani abu ya faru: mai siririn baki ita ce mafari, mai kaurin baki ita ce ƙarshe, mai baki biyu kuma abin da ya auku a tsakiyar tafiya. In an sa hoton agogo a cikinta, jiran lokaci ne, in ambulan ne, jiran saƙo. Akwati mai lanƙwasassun kusurwoyi aiki ne da wani ke yi, ana kuma rubuta shi da fi'ili: "ƙirga kaya", "sa hannu a bauca". Murabba'in da aka tsayar kan kusurwarsa mararraba ce. Idan akwai X a ciki, hanya ɗaya tak za a bi cikin waɗanda suka fita daga gare ta. Idan alamar + ce, duk hanyoyin za a bi a lokaci guda, kuma inda suka sake haɗuwa a irin wannan alama sai kowacce ta iso kafin a wuce.

Sai wurin zaman alamomin. Kamfani gaba ɗaya ana kewaye shi da dogon shinge, wanda manhajojin zane ke rubuta wa Pool. A cikinsa ana ja layuka a kwance kamar kunyoyin gona, kowane sashe da nasa, sunan kowanne a allo Lane: na sito, na sayayya, na akanta, na odita, na manajan darakta. Mai kawo kaya ba ɗan gida ba ne, don haka shingensa daban, banki ma haka. A nan wata doka take wadda ba a karya ta. Kibiya mai ɗorarren layi, mai nuna abin da ke bin wani, ba ta tsallake shinge. Abin da ke tsallakewa sai kibiya mai ɗige-ɗige, wadda ke nufin saƙo: oda ta fita, imbois ya shigo. Hikimar dokar a fili take. Kana da iko ka ce akantanka ya yi kaza bayan kaza, amma ba ka da iko da mai kawo maka kaya, iyakarka ka aika ka jira. Duk inda ɗige-ɗigen nan ya bayyana, akwai jiran da ba a hannunka yake ba.

Kayan aikin ba su da tsada. Camunda Modeler da bpmn.io kyauta ne, kuma suna ajiye zane a fayil mai ƙarewa da `.bpmn` wanda wasu manhajojin ke iya buɗewa. Ni dai na fi son a fara da babbar takarda a bango da maka, domin mai sito ba zai ji nauyin karɓar maka ya gyara ba, alhali da wuya ya taɓa kwamfutar baƙo.

Buhu dubu ashirin

Mu ƙaddara wani kamfanin casar shinkafa a rukunin masana'antu irin na Sharaɗa ko Challawa. Misali ne na ƙirƙira don bayani, alƙalumansa ma haka, amma duk wanda ya yi aiki a masana'anta zai gane fuskokin da ke ciki. An kawo wata ma'aikaciya ta zana musu hanyar sayayya. Abu na farko da za ta yi shi ne yanke iyaka: zanen zai fara daga lokacin da mai sito ya ga kaya sun kusa ƙarewa, ya ƙare lokacin da kuɗi ya shiga asusun mai kawo kaya aka kuma rufe lissafinsa. In ba a yanke wannan ba, zane zai yi ta yaɗuwa har ya shiga kasafin kuɗi da albashi.

Manajan kuɗi zai miƙo mata littafin ƙa'idojin kamfani. A ciki komai tsaf yake. Sito ya cike takardar buƙata, shugaban sashe ya amince, ofishin sayayya ya nemo farashi daga wurare uku, a rubuta takardar oda wadda kowa ke kira LPO, kaya su zo, sito ya ƙirga ya rubuta takardar shigowar kaya wato GRN, imbois ya zo, akanta ya gwada takardun ukun, a rubuta bauca, odita ya duba, a biya. Za ta karɓa ta gode, za ta ma zana shi, domin shi ne miƙaƙƙiyar hanya. Amma ba shi ne aikin da aka kira ta yi ba. Abin da za ta nema shi ne fayilolin sayayya na gaskiya, kamar talatin daga watannin baya, a haɗa har da waɗanda suka jawo rigima, ta bi kowanne da ƙafarta daga tebur zuwa tebur tana duba kwanan watan da ke jikin kowane hatimi.

Ga ɗaya daga ciki. An yi odar buhunan zuba shinkafa masu cin kilo 50, guda 20,000, kowanne Naira 350. Kuɗinsu Naira miliyan 7 ke nan, da harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari, wato Naira 525,000, jimla Naira 7,525,000. Buhunan suna zuwa ne a dila, kowace dila guda 500, don haka dila 40 ake sa rai. Mota ta zo da 39. Da aka kwance, an tarar da guda 300 da tambarin kamfani bai fito a jikinsu ba, aka ware su. Abin da ya shiga sito na amfani guda 19,200 ne. Imbois kuwa ya riga mota isowa, kuma na 20,000 ne cif.

Lissafin ba wuya. Kuɗin 19,200 Naira 6,720,000 ne, harajinsu 504,000, jimla 7,224,000. Tsakanin abin da aka nema da abin da ya kamata a biya akwai Naira 301,000. Tambayar mai zane ita ce: wa ya gano wannan, ta yaya, sannan me ya yi? Littafin ƙa'ida ya ce akanta yana gwada takardu uku, bai faɗi abin da zai biyo baya in suka saɓa ba. Ta nufi sito.

"Baba, ranar da buhunan nan suka zo, me kuka rubuta a GRN?"

"Dila 39 na rubuta, 'yata. Abin da idona ya gani ke nan."

"To guda ɗari ukun da kuka ware fa?"

"Wannan ai sai bayan kwana biyu aka gano, da yara suka kwance. Na rubuta a littafina, na kuma kira yaron ofishin sayayya na gaya masa."

"Akanta ya san da littafin nan, Baba?"

"Bai taɓa tambaya ba."

Cikin wannan 'yar hira abubuwa uku sun fito waɗanda babu su a littafin ƙa'ida. Sito yana ƙirga da dila, oda da imbois suna ƙirga da ɗaiɗai. Duba ingancin kaya yana zuwa ne bayan an riga an rubuta GRN. Sannan labarin kayan da aka ƙi yana tafiya ta waya zuwa ofishin sayayya, ba ya bi ta kan akanta ko kaɗan. A zane, za ta sa akwatin "rubuta GRN" a layin sito, sai da'irar agogo mai cewa kwana biyu, sai akwatin "kwance dila a duba", sai mararraba mai X da tambayar "akwai na banza?" Hanyar "e" za ta shiga akwatin "rubuta a littafin sito", kusa da shi ta zana 'yar alamar takarda mai naɗaɗɗiyar kusurwa ta sa mata suna, domin littafin nan na Baba ma'ajiyar bayani ce ta kamfani ko da babu wanda ya naɗa shi. Daga nan kibiya ta gangara layin sayayya. Mai kallon zanen zai ga da idonsa cewa babu kibiyar da ta tashi daga wannan wuri ta shiga layin akanta. Ma'ana, dila ɗayar da ba ta zo ba akanta zai kama ta, in ya tuna ya ninka 39 da 500, amma kuɗin buhu 300 ɗin nan za a biya su, sai in wani ya tuna ya yi magana.

Sai ta koma kan kwanakin. Daga isowar kaya zuwa biyan kuɗi kwana 23 aka yi. Kwana 6 kofin GRN yana sito, domin sai an tara ake kai wa akawun lissafi. Kwana 9 ana jiran mai kawo kaya ya aiko takardar rage kuɗi, ofishin sayayya yana zaton akanta ya nema, akanta yana zaton su suka nema. Kwana 5 a tiren odita, kwana 3 jiran sa hannu. In aka tara mintocin da hannun mutum ya taɓa fayil ɗin a zahiri, ba su cika awa uku ba. Wannan ne ya sa nake ganin zanen da ya nuna ayyuka kaɗai, bai nuna jira ba, rabin zane ne. Kwana taran nan musamman, babu manhajar da za ta magance su, sai an ce wane ne ke da alhakin neman takardar.

Hanyoyin da ba a son faɗa

Wurin da aikin ya fi wuya ba a alamomi yake ba. Mutane ba sa son a zana abin da suke yi a ɓoye, ko da kuwa don ceton kamfani suke yin sa.

Janareto ya tsaya da daddare, injin casa ya yi shiru. Injiniya ya kira mai kayan gyara a waya, aka kawo, aka ɗaura, aiki ya ci gaba. Bayan mako guda imbois ya zo, sai a zauna a rubuta takardar buƙata da LPO da kwanan watan baya, a nemo farashi biyu na cike gurbi. A fayil komai ya yi daidai. Mai bin diddigi tana gane shi ne idan ta ga lambar LPO ta fi ta maƙwabtanta girma alhali kwanan watanta ya fi nasu tsufa, ko ta ga littafin mai gadi ya nuna kayan sun shigo kafin ranar da aka ce an yi odarsu. Wannan hanya tilas ta shiga zane, da nata mafarin. In aka bar ta, za a saita ERP yadda ba ta karɓar kaya sai da oda, ranar da janareto ya sake tsayawa injiniya zai yi abin da ya saba, kayan su shiga inji manhaja ba ta sani ba, lissafin sito ya fara ƙarya tun watan farko.

Haka batun amincewa. A rubuce, manaja yana sa hannu har Naira miliyan 1, manajan darakta har miliyan 5, abin da ya haura sai Alhaji mai kamfani. Odar buhunan nan ta haura, kuma Alhaji yana Umara. Abin da ya faru shi ne an tura masa hoton takardar ta WhatsApp, ya maido da saƙon murya cewa a je a yi, ya sa hannu bayan ya dawo. Wani lokacin ma ba a damunsa, sai a raba odar gida biyu kowacce ƙasa da miliyan 5. Mai zane ba alƙali ba ce, ba ta zo kama kowa ba, kuma dole ta faɗi haka tun farko, mai kamfani ma ya faɗa da bakinsa a gaban ma'aikata. Idan mutane suka ga an hukunta wanda ya fara faɗin gaskiya, sauran za su karanto mata littafin ƙa'ida ne kawai. Shi ya sa ake ganawa da kowa shi kaɗai kafin a tara su, ba a kuma tambayar "yaya ake yi?" sai dai "wannan fayil ɗin, yaya aka yi da shi?"

Akwai kuma abin da layukan zanen ke tonawa da kansu. Idan akwatin "buɗe wa sabon mai kawo kaya rajista", da na "sauya lambar asusun banki", da na "rubuta bauca" duk suka faɗo layin mutum ɗaya, to ƙofa a buɗe take. Ko shi mai amana ne, wasiƙar bogi mai cewa "mun sauya banki" ta isa ta karkatar da miliyoyi, kuma wannan damfara ce da ta zama ruwan dare a duniya. Ba a bukatar dogon rahoto, ana nuna wa mai kamfani akwatuna uku a layi guda ya gane.

Babban kuskuren da ake tafkawa a kamfani irin wannan kuwa shi ne a zana sayen buhu da dizal da kayan gyara, a manta da shanshera, wadda ita ce ke cin mafi yawan kuɗin gidan. Sayenta ba ya bin LPO ko kaɗan. Mota ta zo daga Hadeja ko Kebbi, ta hau babban sikeli da kaya, a ɗebi samfuri a auna danshi. Abin da ake so kusan kashi 14 cikin ɗari ne, in ya haura a rage nauyi ko farashi, a kuma rage na tsakuwa da ƙaiƙayi. A sauke, mota ta sake hawa sikeli ba kaya, a fitar da tsantsar nauyi, a yi ciniki da farashin ranar. Sau da yawa ma an riga an ba dillali kuɗi tun kafin ya tafi ƙauye. Nan kuɗi ne ke gaba, kaya na biye, farashi kuma sai a ƙarshe ake saninsa. Wannan zane ne na daban mai zaman kansa. Wanda ya cusa shi cikin zanen buhu a matsayin ɗan reshe ya shirya wa kamfanin wahala, domin a nan ne za a fi yin gardama da masu saita manhaja.

Gwajin zane

In an gama, ana tara waɗanda ke cikin layukan a ɗaki ɗaya. A ƙa'idar BPMN ana ɗauka cewa wata 'yar alama ce ke tashi daga mafari tana bin kibiyoyi har ƙarshe. A aikace murfin kwalbar lemo ya wadatar. A shimfiɗa takardar a tebur, a ɗora murfin a da'irar farko, a ɗauko fayil na gaske, kowa ya tura murfin idan ya shigo layinsa yana faɗin abin da ya yi. Inda wani ya ce "a'a, ba wurina yake zuwa ba", an sami gyara. Inda murfin ya isa akwatin da ba kibiyar fita, an sami wurin da fayiloli ke kwana.

Wasu kurakuran na mai zane ne. Mararraba mai X da ba a rubuta tambayarta ba, ko aka rubuta "e" aka manta "a'a". Akwati mai cewa "ana amincewa" ba a san mai amincewar ba. Hanyar da aka raba da X sannan aka haɗe ta da +, wadda ke nufin a tsaya jiran abu biyu alhali ɗaya ne kawai zai taɓa zuwa, murfin ya maƙale har abada. Akwai kuma na son burgewa: akwati sittin a shafi guda. Abin da ya fi shi ne shafin farko ya ɗauki manyan matakai bakwai ko takwas, kowanne a buɗe shi a nasa shafin. Alama mafi girma ta zanen da bai yi ba ita ce ya fito sumul, ba komawa baya, ba jira, ba hanyar gaggawa. Wannan littafin ƙa'ida ne aka sake zanawa.

Zanen yana da iyakarsa. Ba ya faɗin sau nawa ake bin kowace hanya, sai an ƙirga daga fayiloli an rubuta a gefe, kuma bambanci ne babba tsakanin odar gaggawa biyu cikin talatin da goma sha biyu cikin talatin. Dokoki masu rassa da yawa, irin wa ke sa hannu kan nawa, ko wane kaya ake cire wa haraji tun daga tushe, sun fi zama a jadawali kusa da zanen, in aka mai da su mararraba sai shafi ya cika da su. Sannan ba ya nuna cewa maganar wani ƙaramin akawu ta fi ta manaja nauyi don shi ɗan'uwan mai gida ne. Wannan sai a riƙe a ka.

Akwai masu ganin duk wannan ɓata lokaci ne, tunda za a sauya tsarin. Suna da abin kafa hujja. A 1990 Michael Hammer ya buga wata maƙala a mujallar Harvard Business Review inda ya yi kashedi kan ɗora kwamfuta a kan tsohuwar hanya mara kyau, kuma misalin da ya kawo na biyan masu kawo kaya ne. Kamfanin motoci na Ford yana da ma'aikata fiye da 500 a wannan sashe a Arewacin Amurka, Mazda ta Japan kuwa mutum 5. Akawun Ford yana gwada abubuwa 14 tsakanin oda da takardar shigowar kaya da imbois, mafi yawan lokacinsa yana tafiya wajen warware waɗanda suka saɓa. Sai Ford ya daina jiran imbois ɗungurungum: idan kaya suka zo suka dace da odar da ke cikin kwamfuta ta fuskar abu uku, a karɓa a biya, in ba su dace ba a mayar. Ma'aikatan sashen suka ragu da kashi 75 cikin ɗari. Sai dai a lura, Ford bai kai ga wannan ba sai da ya zauna ya gano inda lokacin akawunsa ke tafiya. Abin da na yarda da shi a maganar masu sukar shi ne kada a daɗe. Makonni kaɗan sun isa zanen sayayya a matsakaicin kamfani. In aka shiga wata na huɗu ana gyara kibiyoyi, an bar abin da ya kawo mutane.

Da zarar masu layukan sun amince cewa haka suke yi, kowace karkata da aka gano sai a yanke mata hukunci ɗaya bayan ɗaya, kuma masu kamfani ne za su yanke, ba masu sayar da manhaja ba. Littafin Baba zai tafi, amma aikin da yake yi zai zauna: a saita manhaja ta riƙe kayan da suka shigo a matsayin waɗanda ba a gama dubawa ba, har a kwance dila. A koya mata cewa dila ɗaya guda 500 ce. A buɗe halastacciyar hanyar odar gaggawa mai iyakar kuɗi da wa'adin cike takardu. A ba Alhaji damar amincewa ta wayarsa, ko ya naɗa wakili in zai yi tafiya. A raba sauya lambar asusu da rubuta bauca tsakanin mutum biyu. A yanke yawan saɓanin da za a yafe tsakanin imbois da kayan da aka karɓa, wanda ya wuce haka manhaja ta tsayar da biya. Shanshera kuma a duba ko tsarin manhajar na asali zai ɗauke ta, ko sai an haɗa ta da sikeli an yi mata gini na musamman, wanda kuɗi ne yanzu, kuɗi ne kuma duk lokacin da za a sabunta manhajar.

Tsohon zanen ba a yar da shi bayan an fitar da sabo. Kowace hanya da ke cikinsa tana zama jarrabawar da za a yi wa manhajar kafin ranar kunnawa. Za a zaunar da mai sito da akanta gaban kwamfuta, a shigar da odar buhu 20,000, a karɓi dila 39, a ware guda 300, a shigar da imbois na Naira 7,525,000. Idan manhajar ta tsayar da biyan, ta nuna saɓanin buhu 800, ta kuma tura wa wanda aka ɗora wa neman takardar rage kuɗi, sai a wuce zuwa fayil ɗin janareto. Idan ta bari kuɗin suka fita gaba ɗaya, a mayar wa masu saitawa, a ɗage ranar kunnawa.